Birekar Falon Yaya

Ko ba ta leƙa tsakar gida ba, Amarya ta san lokacin da mijinta ya soma aiki. Ɗakinsu na can ƙuryar baya, tagarsa tana kallon katangar maƙwabta, don haka ko da rana tsaka sai da ƙwan lantarki. Da zarar Auta ya goga sandar walda a jikin ƙarfe, sai ƙwan ya yi kamar an shaƙe shi, haskensa ya koma ja-ja, fanka ta rage gudu tana gurnani. In ya ɗaga hannu, komai ya farfaɗo. Haka ɗakin yake wuni yana lumshe ido yana buɗewa.

Wannan bai dame ta ba. Abin da take fargaba shi ne ta ji fanka ta ɗauke gaba ɗaya, ƙugin injin ya mutu, sannan muryar Auta ta taso daga kusurwar da yake aiki.

"Amarya! Ta faɗi."

Sai ta yafa mayafi ta nufi falon Yaya.

Gidan na Yaya ne, wan mijinta. Tun da aka rushe jerin rumfunan bakin titi inda Auta yake da shagon walda, Yaya ya ba su ɗakin baya, ya kuma yarje masa ya kafa injinsa a kusurwar tsakar gida kusa da tankin ruwa, da sharaɗin kada a dame shi. Wannan kusurwa ita ce abincinsu. Ba su da wani wurin. Shekarunta da yawa a auren, amma har yau Amarya ake kiranta, kamar yadda mijinta da furfura a gemu yake amsa Auta.

Akwatin wutar gidan yana jikin bangon falo, bayan labule, daidai saman kujerar da Yaya ya fi son zama. A ciki akwai birekoki a jere, ƙananan makunnai masu katse wuta da kansu in an ja fiye da kima. Guda ɗaya ce take ɗauke da talabijin ɗin Yaya, da firjin matarsa, da soket ɗin ɗakin baya, da wanda Auta yake jona injinsa. In ta faɗi, duk sun mutu tare. Auta ba ya shiga falon da kayan aiki da baƙin hannu, to aikin ɗaga ta ya zama na Amarya. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe da Yaya, ta jira ya matsar da kansa, ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta tura ɗan makunnin sama.

"Injiniya ta iso," in ji Yaya, ba tare da ya kalle ta ba. "Yau sau nawa za mu ga juna?"

"A yi haƙuri, Yaya."

"Ai haƙuri muke ci a gidan nan, da shi muke ƙoshi."

Anti, matar Yaya, ba ta da zafi, amma bakinta ba ya hutawa. Kicin ɗinta ma duhu gare shi, kullum ƙwan lantarki a kunne. "Ki ce wa mijinki ya daina kashe mini ido da ƙwan lantarki," takan ce, "ni matar wansa ce." Su yi dariya. Amma ranar da firji ya wuni a kashe babu wanda ya lura, nama ya yi wari, Anti ba ta yi dariya ba, Amarya kuwa ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Washegari Auta ya kirawo Dogo, wani mai gyaran wuta da suka yi zaman bakin titi tare. Dogo gajere ne, abin da ya sa aka laƙaba masa sunan ke nan. Ya zagaya injin, wani tsohon akwatin ƙarfe da sai mutum biyu suke ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa shi da sukudireba.

"Wannan kakan namu har yanzu yana raye? Kai Auta, wannan ai shago ne ya dace da shi, ba gidan mutane ba."

"Nemo mini shagon, gobe in tashi."

Yaya ya fito ya tsaya da hannu a baya. Amarya tana wanki a gindin tanki, ta rage ƙarfin cuɗa don ta ji.

Dogo ya ce injin irin wannan, in an sa masa sanda mai kauri, shi kaɗai yana jan wutar da ta fi ta dutsen guga uku. Kuma ba a hankali yake ja ba, fizga yake yi: lokacin da aka kunna shi, da lokacin da sanda ta fara taɓa ƙarfe, balle in ta manne. Waya ɗaya ce ta taso daga turken titi ta shigo gidan, kowa a jikinta yake sha. In injin ya fizga, ƙarfin wutar ya zube a hanya, abin da zai isa ƙwan lantarki da fanka ya ragu.

"Kamar famfon gidan nan ne, Yallaɓai. In an buɗe babban na tsakar gida, na banɗaki sai ya koma ɗigo."

"Na ji," in ji Yaya. "Ita kuma waccan mai faɗuwa kamar mai farfaɗiya fa?"

"Aikinta take yi. Lamba ashirin ce, daidai da siririyar wayar da aka bi da ita ta cikin silin. In an daɗe ana jan abin da ya fi ashirin, cikinta ya ɗumama, ta saki. In kuma fizga ce mai tsanani, nan take take saki. Wayar take karewa. Da ba ta faɗuwa, wayar ce za ta ɗauki zafin."

"To a sa babba mana."

"A'a, Yallaɓai! Kada a kuskura. Bireka ba ta wuce ƙarfin wayarta. In kana son babba, sai a ja wa injin layinsa shi kaɗai, waya mai kauri tun daga akwati har kusurwar can, da birekarsa irin mai jure fizgar farko. Faɗuwa za ta ƙare. Lumshewar fitila kuwa raguwa za ta yi, ba za ta tafi duka ba, tunda wayar turke ɗaya ce."

"Ta ina wayar za ta bi?"

Dogo ya nuna da sukudireba: ta saman ƙofar falo, ta bi fuskar bango, ta sauka bayan tanki. Bangon da Yaya bai daɗe da yi wa sabon fenti ba, ruwan madara.

"Wato a ɗaura wa gidana igiya kamar akuya. Ba a nan ba." Ya juya ya shige.

Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce wa Auta abin da ya rage sai lallami. Ya koma siririyar sanda, ya sassauta injin, ya riƙa ba shi hutu tsakanin ɗinki da ɗinki. Doguwar wayar nan da yake jonawa a naɗe, ya yanke ta, ya warware saura, don a naɗe zafi take tarawa. Kada ya yi aiki ana guga ko injin tura ruwa yana kunne. In Allah ya hore, ya sayi ɗan inbata, sabon injin walda mai kamar jakar hannu, wanda ba ya jan wuta kamar wannan kuma ba ya fizga irin tasa.

Auta ya bi duka, ban da na ƙarshe. Ya gajarta waya, ya sake soket, ya ɗaure kowane kusa. Yakan tura Amarya ta tambayi Anti ko za ta yi guga. Ya daina karɓar manyan ayyuka, sai kujerar da ƙafarta ta ɓalle, da murhu, da ƙarfen taga. Bireka ta rage faɗuwa, amma ba ta daina ba. Sanda takan manne wa ƙwararre ma.

Ranar da ta ɓata komai, Yaya ya tara abokansa kallon ƙwallo. Ana shirin bugun daga kai sai mai tsaron gida talabijin ya ɗauke. Amarya ta ratsa ƙafafun maza ta ɗaga bireka, wani yana cewa, "Ashe gidan naka har da mai gadin wuta?" Aka kwashe da dariya. Yaya bai yi ba.

Da safe tana shara a ƙofar falo, Auta ya tafi kasuwa sayo ƙarfe, ta ga Yaya tsaye kan kujera da sukudireba, ya kashe babban makunnin gidan yana kici-kici a cikin akwati. Da ya sauko ya jefa wani abu cikin kwandon shararta. Tsohuwar birekar ce. A gurbinta ga sabuwa fara tas, an rubuta sittin da uku a goshinta.

"Na yi maganin abin," in ji shi. "Mai shagon ya ce wannan ko giwa aka ɗaura mata ba za ta faɗi ba. Kin huta da sintiri, ni ma na huta da ganinki a kaina."

"Yaya, ai Dogo ya ce..."

"Dogo ne ya gina gidan?"

Ya jefa sukudireba a aljihu, ya ƙara da cewa:

"Kuma ba sai mijinki ya ji ba. In ya ji, sake zai samu, ya mayar mini da gida masana'anta. Ki bar shi ya ci gaba da lallaɓawa."

Ta ce to. Tana kwashe shara tana lissafi a ranta: ai Auta lallaɓawa yake yi, siririyar sanda, ɗan ƙaramin aiki. In dai bai ƙara ba, me zai faru? Kuma, Allah ya sani, ƙafafunta sun gaji da hanyar falon nan. Ta zubar da sharar, amma tsohuwar birekar ta tsame ta, ta goge, ta jefa cikin kwanon da take tara maɓallai. Ba ta san dalili ba.

Kwanaki suka yi daɗi. Fitila tana lumshewa, fanka tana gurnani, amma babu mai kiranta. Har Anti ta ce, "Kwana biyu ba ma ganin Injiniya, ko an yi mata ritaya?"

Sai aka kawo wa Auta aikin ƙofar gida, babbar ƙofar ƙarfe mai ganye biyu wadda mota ke shiga. Ya daɗe yana kallon ƙarafan da aka sauke, masu kauri kamar damtse. Siririyar sanda ba za ta ratsa su da kyau ba, sai an yi ta maimaita ɗinki, mai ƙofar kuma sauri yake yi.

"In na gama wannan," ya ce mata suna cin abincin rana, "inbata zan sayo. Mu rabu da wannan tsohon, mu rabu da gorin Yaya."

"Ba za ta yi wa wutar yawa ba?"

"Gwadawa zan yi. Ai ga mai tsaro can a falo. In na wuce kima ita za ta gaya mini, ba ta taɓa jin kunyata ba."

Ta ajiye lomar. Ta buɗe baki, sai ta hango yadda za a yi: Auta ya je ya sami Yaya, Yaya ya ce wa ya gaya maka, a yi sa-in-sa, a ce matar ƙani ta haɗa wa da ƙani. Ta ce a ranta bari ta bari sai da yamma, in ya huce daga gajiya.

Ya sa sanda mai kauri, ya murɗa injin sama. Ƙwan ɗakin ya dusashe fiye da yadda ta taɓa gani, har ana iya kallon cikinsa ido da ido. Ya yi ɗinki ɗaya ya tsaya, ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Amarya! Ta faɗi?"

Ta kalli fanka tana juyawa. "Ba ta faɗi ba."

Ya ƙara wani, mai tsawo. "Yanzu fa?"

"Ba ta faɗi ba."

Ya yi dariya irin wadda ta daɗe ba ta ji ba. "Kin gani? Ashe tsohon soket ɗin nan da doguwar waya su ne munafukan. Dogo akwai kai!"

Da yamma ya shigo yana waƙa, ya riƙo mata lemo. Ba ta faɗa ba. Washegari ma ba ta faɗa ba. Ta dai riƙa kai masa ruwa a kai a kai don ya tsaya ya huta, har ya ce, "Ke yau tanki kike so ki mayar da ni?"

Ganye ɗaya ya kammala, ya jingina shi da katanga. A kan na biyu ne, da rana, zafi kamar ya narkar da kwano, ya duƙufa bai ko ɗaga kai ba don mai ƙofar ya aiko cewa gobe zai zo ɗauka. Amarya tana ninke kaya ta ji wani wari, kamar an jefa takalmin roba a murhu. Ta leƙa kicin, babu komai. Ta dafa bangon baranda kusa da soket, ta janye hannu da sauri. Da ta ɗaga kai, ga hayaƙi siriri yana tsiyayowa ta haɗin silin.

"Auta! Auta, kashe! Wuta!"

Bai ji ba, ƙugin inji da gilashi sun rufe shi. Ta ruga ta fizgi rigarsa. Ya waiga, ya ga saman barandar, ya yar da abin hannunsa. Karon farko ke nan da ya shiga falon Yaya da takalmin aiki. Ya yaye labule ya danne babban makunni. Sai bayan lantarki ya yanke maƙwabta suka hau da bokitai, suka farfasa silin. An ci sa'a abin bai kama katakon rufi sosai ba. Amma silin baranda ya tafi, kusurwar falo ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya jiƙa kujeru da talabijin, bangon ruwan madara ya koma kamar gindin tukunya.

Yaya ya dawo daga wurin aiki ya tarar da mutane cike da gida. Dogo ma ya iso. Ya hau tsani ya zaro wayar daga cikin silin, robarta ta narke ta manne, wani wurin jan ƙarfen tsirara. Ya sauko ya buɗe akwati, ya tsaya cak.

"Wa ya sa wannan?"

Ruwa yana ɗiga daga sama cikin wani bokiti.

"Sittin da uku a kan wannan 'yar wayar? Ai da ashirin ɗin tana nan, da tuni ta faɗi kafin waya ta ko ji ɗumi. Auta, kai ne?"

Auta ya matso ya kalli farar birekar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo, ba wajen Yaya ba, wajen matarsa, wadda hannunta ya san akwatin nan fiye da na kowa.

"Ba tambayar ke nan ba," in ji Yaya. "Shekara nawa ina gidan nan da talabijin da firji, ya taɓa kamawa? Sai da aka kawo mini wannan jarabar."

"Yallaɓai, inji ya ja, gaskiya ne, amma..."

"Kai, ɗauko ka aka yi gyara ko shari'a?"

Amarya ta ji muryarta ta fito, ƙarama, kamar ta wata. "Yaya ne ya canza ta. Ina wurin."

Anti ta dafe ƙirji. Maƙwabtan da suka rage suka fara neman takalmansu.

Yaya ya yi murmushi, ya gyaɗa kai a hankali. "Madalla. Na canza, a gidana, don in zauna lafiya a falona. To ke da kike wurin, kika ji abin da Dogo ya ce, kika ga mijinki ya ɗauko ƙarfen da ya fi ƙarfin gidan, me ya riƙe bakinki?"

"Kai ka ce kada..."

"Amarya," in ji Auta. "Ya isa."

Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa a gaban wansa a cikin ruwan toka, ya ce a yi haƙuri, zai gyara silin, zai yi fenti. Yaya ya ce ba ya so. Ɗaki dai ba zai kore su ba, kada duniya ta zage shi, amma injin nan kada rana ta sake fitowa ta same shi a gidan.

Kafin magariba aka samo mai kura. Dogo ya ce a kai injin bayan shagonsa a rufe da leda, ko da yake can ma layin ba zai ɗauke shi ba. Mai ƙofa ya aiko aka kwashe ganyen da aka gama da wanda ba a gama ba, za a kai wa wani ya ƙarasa. Kusurwar ta zama fili, sai tabon tsatsa a siminti da guntayen sanda.

Dogo ya kwana biyu yana sake waya. Da ya zo kan bireka ya ce sai an sayo mai lamba ashirin. Amarya ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohuwar daga kwanon maɓallai ta miƙa masa. Ya jujjuya ta, ya gwada makunnin, ya kalli Amarya, ya mayar da birekar gurbinta. Auta yana tsaye a wurin. Tun daga ranar maganarsa da matarsa ba ta wuce ina kwana da ina ruwan wanka.

Yanzu da sassafe yake fita, yana bin shagunan mutane ko akwai mai neman ƙarin hannu. Wata rana a samu, wata rana ya dawo da hannunsa fes.

Anti ta leƙo da rana, ta ajiye mata kwanon abinci a bakin ƙofa. Ta ɗaga kai ta kalli ƙwan lantarkin, ta ce, don dai ta sami abin faɗa, "Kin ga wutar kuwa yanzu ta zauna."

"Ta zauna," in ji Amarya.

Da Anti ta tafi, Amarya ta zauna a bakin gado tana kallon ƙwan. Fari tas, ko ƙiftawa ba ya yi. Fanka tana juyi da ƙarfinta. Ta daɗe a haka, tana jira ba tare da ta sani ba, sannan ta tashi ta kashe shi, ta koma ta zauna a cikin duhu.